Me Ya Sa Ake Ɗaga Wuta Zuwa Bolt 330,000, Kuma Me Ke Ƙona Taransifomar Unguwa?

 

Maganar yau daga unguwarmu ta samo asali. A zafin bara, wajen ƙarfe tara na dare, muka ji wata ƙara kamar an fasa taya, wuta ta ɗauke, sai warin ƙonannen mai ya cika layin. Taransifomarmu ce ta ƙone. Mun yi makonni a duhu. Mai sayar da ƙanƙara ta daina sana'a, mai walda ya koma zaman benci, aka bi gida-gida ana karɓar kuɗin gyara. A taron da aka yi a ƙofar gidan mai unguwa kowa da abin da yake faɗa: wani ya ce wuta aka turo da ƙarfi, wani ya ce dama tsohuwa ce. Akwai wani dattijo a layinmu da ya yi aikin lantarki har ya yi ritaya, muna ce masa Baba Injiniya. Shi dai ya yi shiru har aka gama, sannan ya ce, "'Ya'yana, mu muka kashe ta, kuma in ba mu gane yadda muka yi ba, sabuwar ma haka za ta bi." Daga ranar na riƙa zama wurinsa da littafi da biro. Abin da na fahimta shi zan kawo muku yau, kuma akwai ɗan lissafi, amma wallahi bai wuce ninkawa da rabawa ba.

Bari mu fara da kalmomi uku, don su za mu yi ta juyawa. Ku ɗauki waya kamar bututun ruwa. Bolt shi ne ƙarfin turi, kamar yadda ruwan tankin da ke saman bene ya fi na tankin ƙasa ƙarfin fita. Amfiya ita ce yawan abin da ke wucewa ta cikin bututun a kowace daƙiƙa. Wat kuma shi ne aikin da ake samu, kuma ana samunsa ne in an ninka bolt da amfiya. A littafi za ku ga an rubuta P = V × I. Abin lura a nan shi ne, wat 2,400 za a iya kai shi da bolt 240 da amfiya 10, za kuma a iya kai shi da bolt 2,400 da amfiya 1 tak. Aiki ɗaya ne. Kamar dai naira dubu ce, ko ka riƙe ta takarda guda, ko ka riƙe ta 'yan hamsin-hamsin guda ashirin. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, yanzu sai tarihi kaɗan. A shekarar 1820 wani masani ɗan ƙasar Denmark, Hans Christian Oersted, ya lura cewa in wuta tana bin waya, allurar kamfas da ke kusa da ita tana karkata. Wato wuta tana haifar da maganaɗisu. Sai Michael Faraday a Landan ya tsaya kan tambayar da ta biyo baya: to shi maganaɗisu zai iya haifar da wuta?

A ranar 29 ga Agusta 1831 ya ɗauki wani zoben ƙarfe mai faɗin kusan inci shida. Ya naɗe waya a ɓari ɗaya, ya naɗe wata daban a ɗaya ɓarin, kuma wayoyin biyu ba sa taɓa juna. Ta farko ya tanadar mata batir, ta biyu ya haɗa ta da allura mai nuna wucewar wuta. Da ya haɗa batir, allura ta zabura, sai ta koma ta kwanta, alhali batir na nan a haɗe. Da ya cire batir, ta sake zabura, amma ta ɗaya gefen. Bayan 'yan makonni ya gwada da sandar maganaɗisu: in ya tura ta cikin naɗin waya allura ta motsa, in ya bar ta a ciki ba motsi, in ya zaro ta allura ta motsa ta koma baya.

Kun ga abin da ya gano? Maganaɗisu da ke zaune wuri ɗaya, komai ƙarfinsa, ba ya ba da wuta. Canjinsa ne yake ba da ita. In ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa naɗin waya yana ƙaruwa ko yana raguwa, bolt zai bayyana a wayar. Gwargwadon saurin canjin, gwargwadon bolt ɗin. Kuma kowane zagaye na naɗin yana ba da nasa kason, don haka naɗi mai zagaye ɗari ya ninka mai zagaye goma sau goma.

Janaretan da ke ƙofar shagonku da wannan yake aiki: inji yana juya maganaɗisu a tsakiyar naɗin waya. Haka ma madatsar Shiroro a kan kogin Kaduna, da Kainji a kan kogin Kwara, sai dai su ruwa ne ke yin juyin maimakon fetur. Kuma da yake maganaɗisun juyawa yake yi, wutar da ke fitowa kai-da-komo take yi. A Najeriya da Nijar tana zuwa ta dawo sau 50 a daƙiƙa ɗaya.

Wannan kai-da-komon shi ne abincin taransifoma. Taransifoma zoben Faraday ce aka girmama. Akwai ƙarfe a tsakiya, akwai naɗin shiga, akwai naɗin fita, kuma ba wata waya da ta haɗa su. Wutar da ke shiga naɗin farko tana juyawa, maganaɗisun cikin ƙarfen yana juyawa tare da ita, shi kuma yana tayar da bolt a naɗi na biyu ba tsayawa. Shi ya sa in ka haɗa mata batirin mota ba abin da za ka samu a ɗaya ɓangaren sai zabura guda, daga nan sai naɗin ya yi ta zafi.

Bari mu sa lamba. Ta unguwa tana karɓar bolt 11,000 ta ba gidaje wajen 240. A ce kowane zagaye yana ɗaukar bolt 10. Naɗin shiga zai zama zagaye 1,100, naɗin fita zagaye 24. Shi ke nan sirrin. In ka juya ta, ka shigar da wuta ta wajen ƙaramin naɗin, sai ta zama mai ɗagawa. Amma ita 'yar canji ce kawai, ba ta buga kuɗi. In ta rage bolt sau arba'in da wani abu, amfiya za ta ninku sau arba'in da wani abu, wat ɗin yana nan yadda yake, sai ɗan abin da ya tafi a zafi. Shi ya sa in aka buɗe ta za ku ga naɗin bolt mai yawa siririyar waya ce mai zagaye da yawa, naɗin gidaje kuwa kauri gare shi, zagayensa kaɗan.

Akwai wani abu da Baba Injiniya ya nuna mini a wata tsohuwar sitabilaiza da ya kwance. Ƙarfen tsakiyar ba dunƙule ba ne, falle-falle ne sirara aka jera, kowane an shafe shi da abin da ke hana wuta wucewa. Dalili kuwa, shi ma ƙarfen yana ɗaukar wuta, kuma maganaɗisu na canzawa a cikinsa, don haka da dunƙule ne da wuta ta riƙa kewaya a cikinsa tana dafa shi a banza. Yanka shi falle-falle yana datse mata hanya. Gurnanin nan da kuke ji in kun wuce kusa da taransifoma, ƙarfen ne ke ɗan miƙewa yana tsukewa sau 100 a daƙiƙa.

Yauwa. Yanzu ga babbar tambaya. Tunda a gida bolt 240 muke so, me ya sa ba za a turo ta haka tun daga Shiroro ba, a huta da duk waɗannan taransifomomi?

Amsar tana cikin waya. Kowace waya tana da turjiya, wato tana ɗan hana wuta wucewa, ana auna turjiyar da om. In wuta ta bi ta, wani kaso yana zama zafi ya bi iska. Kun taɓa taɓa wayar hita bayan ruwa ya tafasa? Wannan ɗumin kuɗi ne ya tafi. Kuma lissafinsa shi ne I² × R, wato amfiya sau amfiya sau turjiya. Ku lura da kyau, amfiya sau biyu ta shigo. In ka ninka ta biyu, asara ta ninku huɗu. In ka ninka ta goma, asara ta ninku ɗari.

To mu yi misali da hanyar da muka sani. Babban layin da ya taso daga Kaduna zuwa tashar Kumbotso a Kano ya haura kilomita 200, kuma a kan bolt 330,000 yake. A ce turjiyar wayarsa om 10 ce, don lissafi ya yi sauƙi, kuma muna so mu aika megawat 100, wato wat miliyan 100.

A kan bolt 330,000, in muka raba miliyan 100 da 330,000, za mu samu amfiya wajen 300. Asara ita ce 300 sau 300 sau 10, wato wat 900,000. Bai kai megawat ɗaya ba. Cikin ɗari da aka aika, fiye da 99 sun iso Kano.

Yanzu mu rage bolt sau goma, mu mai da shi 33,000, waya ɗaya, kaya ɗaya. Amfiya ta zama 3,000. Asara ita ce 3,000 sau 3,000 sau 10, wato wat miliyan 90. Megawat 90 cikin 100 sun ƙare a dumama iskar dajin da ke tsakanin Zariya da Kwanar Dangora. A gaskiya ma ba za a kai nan ba, wayar za ta yi zafi fiye da kima tun kafin. In kuwa muka ce bolt 240, amfiyar da ake buƙata ta haura 400,000. Wannan ba ma abin lissafawa ba ne.

Masu karatun injiniya za su ce, ai layin waya uku ne ba ɗaya ba. Haka ne. In aka yi lissafin waya uku, kowace tana ɗaukar amfiya wajen 175, kuma in aka haɗa asarar ukun za a dawo kan megawat ɗaya saura kaɗan ɗin nan. Amsa ɗaya ce.

Wani zai ce, to a ƙara kaurin waya mana, turjiya ta ragu. Ana iya yi, amma duba farashin. Don bolt 33,000 ya yi daidai da 330,000 a asara, sai ka rage turjiya sau ɗari, wato alminiyam ɗin da ke cikin wayar ya ninku ɗari, a tsawon fiye da kilomita 200. Wane turke ne zai ɗauki wannan nauyin? Taransifoma biyu, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, sun fi arha nesa ba kusa ba.

Wannan matsalar ce ta daƙile tsarin Thomas Edison. Tashar da ya buɗe a birnin New York a 1882 tana ba da wuta marar kai-da-komo a kan bolt 110. Taransifoma ba ta aiki da irinta, don haka ba halin ɗaga ta, kuma ba ta iya nisa da ya wuce kimanin mil guda daga tashar. Shekara tara bayan nan, a 1891, a Jamus aka tura wuta mai kai-da-komo daga Lauffen zuwa Frankfurt, kilomita 175, a kan bolt wajen 15,000. Daga nan duniya ta ga inda aka dosa.

To me ya hana a ɗaga ta har miliyan goma? Saboda bolt mai yawa ba ya son zama a waya. Yana iya tsallake iska. Gwargwadon ɗagawa, gwargwadon tsayin turke, da tazarar wayoyi, da tsawon jerin faifan tangaran da ke riƙe su. Ku kirga faifan a turken 33,000, sannan ku kirga na 330,000, za ku ga bambanci. Tsatsar da ake ji a ƙarƙashin babban layi da damina, wuta ce ke tsiyaya cikin iska. Kuma a nan ne haɗarin yake: babban layi ba sai ka taɓa shi ba. Mai ɗaga rodi a saman gini, ko wanda ya hau saman lodin mota a ƙarƙashinsa, in ya matso kusa wutar za ta tsallako ta same shi. Don Allah a kiyaye gini da kasuwa a ƙarƙashin waɗannan layuka.

Don haka tafiyar wuta hawa ɗaya ce da sauka mataki-mataki. Injin madatsa yana ba da bolt dubu goma sha wani abu. Nan take a ɗaga ta zuwa 330,000. In ta iso babbar tasha a sauke ta zuwa 132,000, sannan 33,000, sannan 11,000 da ke bin tituna, sannan ta unguwa ta mai da ita 415 tsakanin layi da layi, wato 240 a soket ɗinka. Wutar da ke zuwa Yamai daga Birnin Kebbi ma a kan 132,000 aka gina layinta. Kuma da yake 'yan layuka ƙalilan ne ke ɗauke da kayan jihohi da yawa, in ɗaya ya faɗi abin ba ya tsayawa a gari guda. Waɗanda suke Arewa a Oktoban 2024 ba su manta ba: layin Shiroro zuwa Kaduna yana lalace, layin da ke biyowa ta Binuwai ya samu matsala, jihohi suka kwana da kwanaki a duhu.

Yanzu mu dawo unguwarmu, don I² × R ɗin nan da ke aiki a babban layi, shi ne dai yake aiki a bakin lungunmu. A jikin taransifomarmu akwai farantin ƙarfe da aka rubuta 500 kVA. Ma'anarsa, a ɓangaren gidaje kowane layi cikin ukun zai iya ɗaukar amfiya wajen 700. A ɓangaren 11,000 kuwa amfiya 26 kacal ke shigowa. Baba Injiniya ya ce akwai daren da aka auna layukan uku kafin ta ƙone: ɗaya yana wajen 1,000, sauran biyun ba su kai 400 ba. In ka haɗa jimla, ba ta wuce ƙarfinta ba. Amma kowane layi naɗinsa daban. Dubu a kan ɗari bakwai ƙarin kashi 43 cikin ɗari ne a amfiya, amma in ka ninka shi da kansa, zafin da ke cikin wannan naɗin ya ninku biyu.

Ya aka yi kaya suka taru a layi ɗaya? Mu ne. Duk lokacin da fis ɗin wani layi ya tsinke, sai a kira yaro mai tsani ya mai da gida kan layin da ke da wuta, kuma ba mai komawa. Da fis ɗin wannan layin ya fara tsinkewa shi ma, sai aka ɗaura masa waya mai kauri don ya daina damun mutane. Fis kuwa an yi shi ne ya mutu don taransifoma ta rayu. Da muka hana shi mutuwa, sai naɗin ya karɓi zafin.

Abin da ke raba zagayen naɗin da juna takarda ce da mai. Man yana sanyaya, yana kuma hana wuta tsallakawa. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce, in zafin naɗi ya wuce iyakarsa, kowane ƙarin digiri shida yana rage rayuwar takardar da rabi. Tana gasuwa a hankali har ta yi ƙwalam, wata rana zagaye biyu su haɗu, sai ƙarar da muka ji.

Akwai kuma abin da ya ƙara hura wutar. In kaya suka yi yawa, bolt yana zubewa a hanya, na ƙarshen layi su ga ƙwai ya yi ja, fanka tana jan ƙafa. Sai kowa ya sayo sitabilaiza. Ita ma taransifoma ce, 'yar canji. Kayan wat 1,000 a kan bolt 240 amfiya 4 da ɗoriya suke ja. In wuta ta sauka zuwa 160, sitabilaiza za ta ja fiye da amfiya 6 don ta cike gurbin. Gidanka ya gyaru, amma layin unguwa ya ƙara nauyi, bolt ɗin maƙwabci ya ƙara sauka, shi ma ya je ya sayo tasa.

Alamomin duk sun bayyana, mu ne ba mu karanta ba. Mai yana naso a jikin tankin har ƙasan wurin ta yi baƙi. 'Yan ƙwayoyin da ke cikin kwalbar numfashinta, masu tsotse laima, sun bar shuɗi sun koma ruwan hoda, alamar sun ƙoshi, laima tana shiga mai. Gurnaninta ya koma ƙara mai kaushi da daddare. Wani ɓangaren unguwa wuta ras, wani ɓangaren ja. Fis yana tsinkewa kusan lokaci ɗaya kowane dare. Duk waɗannan daga nesa ake ganinsu, ba sai an tsallaka shinge ba, kuma kada wanda ya tsallaka, don bolt 11,000 ba ya ba da dama ta biyu.

Da aka kawo gyararriyar, abu uku kwamitin unguwa ya tsaya a kai. An kira ma'aikatan wuta suka auna layukan uku da ƙarfe takwas na dare, lokacin da kowa ya kunna kayansa, aka rarraba gidaje har lambobin suka matso kusa da juna. An mai da fis daidai ƙarfinsa. An kuma hana kowa canja layi da kansa. Har yanzu ana ɗauke wuta kamar ko'ina, amma zafin bana ya zo ya wuce tana nan da ranta.

Ga aikin gida. Gobe da rana, ka tsaya daga wajen shingen taransifomar unguwarku ka duba ko lambar kVA tana karantuwa, wasu ana rubuta ta da fenti a jiki. In 300 ce, kowane layi amfiya wajen 417 yake ɗauka. In 500 ce, wajen 700. Duba ƙasa ko akwai mai, duba kwalbar nan ko wane launi ce. In ka ga abin da bai yi maka ba, ka kai wa mai unguwa ko kwamiti tun kafin a fara bin gidaje da littafin karo-karo.

Nan za mu dakata. Baba Injiniya, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.